Lambar Tikiti: Me Ya Sa Ake Korar Sifiri da Harafin O?

Duk wanda ya taɓa sayen tikitin waifai a shagon unguwa, ko aka ba shi ɗan katin rangwame a kanti, ya san irin lambar da ke jikinsa: haruffa da alƙaluma a cakuɗe, kamar K7M-4XT-9Q3, ba ta da ma'ana, ba ta karantuwa kamar kalma. Abin da yawancin mutane ba su lura da shi ba shi ne, idan gwani ne ya tsara lambar, ko ka tara tikiti dubu ba za ka ga sifiri ko harafin O a ciki ba. Haka ma 1 da I da L. Da gangan aka kore su, domin a kan takarda 0 da O 'yan biyu ne, kuma ƙaramin l da babban I da alƙalamin 1 duk sanda ɗaya ce a tsaye a yawancin rubutun da injin buga rasit ke fitarwa.

Katin waya da lambar mitar lantarki ba su da wannan matsala, saboda alƙaluma zalla ne. Sai dai sun biya kuɗin hakan da tsawo: lambar mitar da ake saye kafin a sha wuta alƙaluma 20 ce cif. Wanda ke son lamba gajera, wadda mutum zai latsa a waya ba tare da ya gaji ba, dole ya haɗa da haruffa, domin kowane gurbi ya ɗauki zaɓi fiye da goma. Da zarar haruffa sun shigo kuwa, rikicin ido ya shigo.

Masu sana'ar sun daɗe da sanin haka, kuma kowa da yadda ya yanke. Lambar jikin mota mai alamomi 17, wadda ake dubawa a takardun kwastan, ba ta ɗaukar I da O da Q. Adireshin Bitcoin na asali an gina shi da alamomi 58, bayan an cire 0 da O da I da ƙaramin l. Tsofaffin lambobin lasisin Windows, masu alamomi 25 a rukuni biyar, daga alamomi 24 kacal ake zaɓo su, babu wasali ko ɗaya a ciki. Wani masanin manhaja, Douglas Crockford, ya bi wata hanya dabam: ya bar 0 da 1, ya kori I da L da O, sa'an nan ya ce idan mutum ya rubuta O a karɓa a matsayin sifiri, idan ya rubuta I ko L a karɓa a matsayin 1. Ya kuma kori U don kada lamba ta haɗa kalmar batsa bisa tsautsayi. Dabararsa tana da kyau, domin kuskuren ma ba ya zama kuskure. Amma mai saye bai san an yi masa wannan sassauci ba, sai ya tsaya yana zare ido a kan takarda yana tambayar kansa sifiri ne ko O. Ga tikitin da talaka zai riƙe a hannu, na fi son a kori duka biyun, kada tambayar ma ta taso.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mai shagon waifai ne yake son buga tikiti 10,000. Alƙaluma goma da haruffan Turanci 26 sun ba da alamomi 36. Ya cire 0 da 1 da I da L da O, saura 31, kuma duka manyan haruffa:

```
23456789ABCDEFGHJKMNPQRSTUVWXYZ
```

Tambayar farko da mai lissafi zai yi ita ce, me aka rasa? Lamba mai gurbi takwas daga alamomi 36 tana iya fitowa ta hanyoyi kusan tiriliyan 2.8. Daga alamomi 31 kuwa, kimanin biliyan 853. An rasa fiye da kashi biyu bisa uku, kuma wannan kan tsorata wasu har su mayar da sifirin. Amma ƙara gurbi ɗaya tak, lambar ta zama mai alamomi tara, yana kai adadin sama da tiriliyan 26, wato ninki tara na abin da ake da shi kafin a cire komai. Tsawo ya fi yawan haruffa tasiri nesa ba kusa ba, don haka korar alamomi biyar abu ne mai arha.

Tsawon da ya dace kuma ba da ka ake yanke shi ba. Abin dubawa shi ne yawan tikitin da ke raye a lokaci guda, da saurin da ɓarawo zai iya gwada sa'arsa. Idan mai shagonmu ya yi rowa ya tsaya a gurbi shida, lambobin da ke yiwuwa kimanin miliyan 887 ne. Ka ji kamar da yawa. To amma ɓarawo ba wata lamba takamaimai yake nema ba, kowace daga cikin 10,000 ɗin ta ishe shi. Raba miliyan 887 gida 10,000, ka ga a matsakaici duk canka 88,750 zai dace sau ɗaya. Ɗan yaro mai wayo da ya rubuta manhajar da ke gwada lamba goma a daƙiƙa zai samu tikitin banza a cikin kamar awa biyu da rabi. Da gurbi takwas, dacen ya koma sau ɗaya a cikin miliyan 85, kuma wannan manhajar za ta shafe wajen kwana 99 kafin ta ci ɗaya. Idan aka haɗa da dokar cewa wayar da ta yi kuskure sau biyar a jere sai ta jira minti goma, zancen ya mutu. Wannan dokar ta jira ba ado ba ce. In babu ita, duk lissafin da muka yi ya dogara ne ga saurin na'urar ɓarawo, ba ga tsarin mai shago ba.

Sai maganar yadda ake zaɓo alamomin, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna ba tare da kowa ya gani ba. Kwamfuta ba ta iya jefa ƙuri'a da kanta, umarni take bi. Abin da yawancin harsunan manhaja ke kira zaɓen canke lissafi ne da ke fitar da jerin lambobi masu kama da barkatai, alhali kowace tana biye da ta gabanta bisa ƙa'ida. A harshen Python, sashen `random` yana aiki da wata dabara mai suna Mersenne Twister, wadda an san cewa wanda ya ga cikakkun sakamakonta 624 a jere zai iya lissafo duk masu zuwa. Ta isa wasan kwamfuta da gwajin ɗalibai, amma ba a yi ta don abin da ke da kuɗi a bayansa ba. Haka `Math.random()` a JavaScript, haka `RAND()` a Excel, wanda ma yake da wani halin: duk lokacin da aka taɓa shafin sai lambobin su sake, ta yadda abin da aka buga a takarda zai iya bambanta da abin da aka adana. Mafi muni shi ne wanda ke ɗaukar agogon na'ura a matsayin tushen lissafin. Duk wanda ya san ranar da aka buga tikitin ya rage wa kansa aiki ƙwarai.

Abin da ake so shi ne tushen da manhajar da ke tafiyar da na'urar ke tanadarwa don ayyukan sirri, wanda take tarawa daga abubuwan da ba sa lissafuwa daga waje. A Python sunansa `secrets`, ya shigo tun 2016. A PHP akwai `random_int()`, a manhajar shiga intanet akwai `crypto.getRandomValues()`. Aikin gaba ɗaya bai wuce wannan ba:

```python
import secrets
H = "23456789ABCDEFGHJKMNPQRSTUVWXYZ"
def lamba(n=8):
    return "".join(secrets.choice(H) for _ in range(n))
```

A lura da abu ɗaya: an cire alamomin ne tun daga jerin da ake zaɓa, ba bayan an zaɓa ba. Wasu sukan fitar da lamba daga alamomi 36, sa'an nan su ce duk inda O ta fito a mayar da ita P, duk inda sifiri ya fito a mayar da shi 2. Lambar za ta fito tsaf a ido, amma P da 2 sun samu ƙuri'a biyu-biyu, sauran kowa ɗaya. Wasu kuma goge alamar kawai suke yi, sai ka ga tikiti wani gurbi takwas, wani shida.

Akwai wani karkacewar da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma har gwanaye yana kamawa. Na'ura takan ba da ƙuri'arta ne a matsayin lamba daga 0 zuwa 255, wato zaɓi 256. Mai rubuta manhaja sai ya raba da 31 ya ɗauki ragowar, ya ce ita ce matsayin harafin a jeri. To 31 ba ta shiga 256 daidai: ta shiga sau takwas, saura takwas. Kamar a raba goro 256 ga mutum 31 ne, a bi layi ana miƙawa ɗaya-ɗaya: kowa zai samu takwas, amma mutum takwas na farkon layi za su samu tara. A jerinmu, takwas na farko su ne alƙaluman 2 zuwa 9, don haka kowannensu zai riƙa fitowa fiye da kowane harafi da kashi ɗaya bisa takwas. Maganin shi ne duk ƙuri'ar da ta kai 248 ko ta wuce a jefar da ita a sake ɗebo wata, domin 248 ita ce 31 sau takwas. `secrets.choice` yana yin irin wannan tacewar da kansa, shi ya sa ya fi a bar masa aikin. Wanda ke shakkar manhajarsa kuma, gwajin ba wuya: ya fitar da alamomi miliyan ɗaya ya ƙirga sau nawa kowace ta fito. Idan zaɓen na adalci ne, kowace za ta faɗo kusa da 32,258. Idan ya ga alƙaluma suna wajen 35,000 haruffa suna wajen 31,000, ya san inda ciwon yake.

Ko da ƙuri'ar ta yi adalci, lamba ɗaya tana iya fitowa sau biyu, kuma da wuri fiye da yadda hankali ke zato. Masu lissafi suna da sanannen misali: a ɗaki mai mutum 23, ya fi yiwuwa a samu biyu da ranar haihuwarsu ta zo ɗaya a kan a rasa. Dalilin shi ne kowane mutum ana gwada shi da kowa, ba da mutum guda ba. Ga tikitinmu mai gurbi shida, yiwuwar a samu maimaici a cikin 10,000 ta kai kashi biyar cikin ɗari da ɗoriya. Idan kasuwa ta buɗe aka buga 50,000, ta haura kashi 75. Gurbi takwas ma, idan aka kai tikiti miliyan ɗaya, yiwuwar ta wuce kashi 40. Ranar da hakan ta faru, mutum biyu ne za su biya kuɗi, ɗaya ya shiga, ɗaya ya dawo shago yana rantsuwa bai taɓa amfani da tikitinsa ba, kuma gaskiyarsa. Saboda haka ba a dogara ga sa'a. Kowace sabuwar lamba ana duba ta a rumbun da aka adana tsofaffin, kuma rumbun da kansa ake sa wa sharaɗin ƙin karɓar lamba sau biyu, abin da masu aikin ke rubutawa `UNIQUE`. In ya ƙi, a sake jefa ƙuri'a.

Yanzu a dawo kan K7M-4XT-9Q3. Alamominta tara ne, amma takwas kawai aka zaɓa ta ƙuri'a. Ta ƙarshe, wato 3, lissafo ta aka yi daga sauran, kuma aikinta gadi ne. Katin banki ma haka yake: alƙalaminsa na ƙarshe mai gadi ne, bisa dabarar da Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1950. Ga yadda namu yake aiki, da gajeren misali mai gurbi huɗu, K7M4. Kowace alama tana da matsayinta a jeri, ana fara ƙirga daga sifiri: K tana 17, 7 tana 5, M tana 18, 4 tana 2. Sai a ninka ta farko sau ɗaya, ta biyu sau biyu, ta uku sau uku, ta huɗu sau huɗu, a tara:

```
17×1 + 5×2 + 18×3 + 2×4 = 89
89 = 31×2 + 27
```

Ragowar 27 ce, kuma alamar da ke matsayi na 27 ita ce W. Tikitin ya zama K7M4W. A ce mai saye ya ga M ya latsa N. Jimlar ta koma 92, ragowar 30, wadda ta faɗa kan Z, ba W ba. A ce kuma yatsansa ya riga idonsa ya rubuta 7K maimakon K7. Jimlar 101, ragowar 8, harafin A. Duk biyun an kama su nan take, kuma shafin zai iya ce masa ya sake duba takardarsa akwai kuskuren rubutu, maimakon ya ce masa tikitin jabu ne. Tsakanin waɗannan saƙonni biyu akwai rigimar da mai shago zai huta da ita.

A nan ne 31 ta yi rana. Lamba ce da ba ta rabuwa da komai sai ɗaya da kanta, kuma wannan ne ya tabbatar da cewa duk kuskuren alama ɗaya, da duk musayar wuri tsakanin alamomi biyu, sai sun canza ragowar. Da alamomin 30 ne ko 32, wasu kurakuran za su sulale ta wannan lissafin ba a gani ba. Sai dai kada a ƙirga mai gadin a cikin tsaro. Ɓarawo ma ya iya lissafa shi, don haka lamba mai takwas da mai gadi ƙarfinta na takwas ne, ba na tara ba.

Duk abin da muka faɗa zuwa nan na ido ne. Amma a wajenmu lamba takan bi ta kunne: a kira ɗan'uwa a waya a ce karanto mini. Jerin da aka tsara don idon Bature ba lallai ya dace da kunnen Bahaushe ba. P da F sukan haɗe a bakin da yawa daga cikinmu, V takan fito kamar B, M da N kuwa kowa a duniya yana fama da su idan layi ba kyau. Ga kuma wani tarko a kan iyaka. Wanda ya yi boko a Katsina yana kiran G da "ji", J kuma "je". Wanda ya yi lakwal a Maraɗi, da Faransanci ya koya, kusan akasin haka yake kiransu: G ce "je", J ce "ji". Sunan I a Faransanci kuma shi ne sunan E a Turanci. Mutum biyu za su iya karanta wa juna lamba daidai, kowa ya ji daidai, a rubuta ba daidai ba.

Idan ana sa ran tikitin zai riƙa bin waya, ni zan ƙara aske jerin. A cire A da E da U, wanda zai kuma hana lamba haɗa kalma, ko suna, ko zagi. A cire J a bar G, a cire P a bar F, a cire V, a cire N, a cire S saboda kamarta da 5. Alamomi takwas sun tafi, saura 23, ita ma lamba ce da ba ta rabuwa, don haka lissafin mai gadi yana nan daram, sai dai a riƙa rabawa da 23. Gurbi tara daga alamomi 23 yana ba da kimanin tiriliyan 1.8, ya ninka abin da takwas daga 31 ke bayarwa. An sake biyan kuɗin da gurbi ɗaya. B da 8 suna nan, haka 2 da Z, kuma su rubutu mai kyau ne maganinsu. Ba a iya korar duk wata alama mai sosai da wata, in ba haka ba a koma alƙaluma zalla da tsawon lambar mita.

Ragowar aikin yana wajen bugawa da wajen karɓa, kuma nan ne ake yawan sakaci bayan an gama wahalar lissafi. A buga da manyan haruffa, da irin rubutun da kowace alama ke cin fili daidai da 'yar'uwarta, a raba uku-uku ko huɗu-huɗu da ɗan layi a tsakani, domin ido ya fi riƙe gungu a kan dogon jeri. Takardar injin rasit, wadda zafi ke fitar da rubutunta, takan dushe idan ta sha rana ko ta kwana a aljihu, kuma idan 8 ta fara dushewa sai ta koma kamar 3 ko 6. Tikitin da zai yi makonni a shago kafin a sayar gara a buga shi da tawada.

Wajen karɓa kuma, shafin ya zama mai haƙuri. Mutum ya rubuta da ƙananan haruffa, a mayar masa manya. Ya sa layin tsakani ko bai sa ba, ya bar fili a gaba ko a baya, duk a share kafin a duba. Allon rubutun waya yana da shisshigi, yakan gyara abin da ya ɗauka kalma ce, don haka a kashe masa gyaran a wannan gurbin. Wanda ke da allon Hausa a wayarsa kuma yana iya dannawa ya daɗe a kan K ya samu Ƙ, ko a kan D ya samu Ɗ, kuma tunda babu masu lanƙwasa a jerin, ba laifi a mayar da su K da D da B a ɓoye. Idan kuwa ya latsa sifiri ko O, alhali babu su a jerin, kada a yi masa canke a madadinsa, domin mai yiwuwa Q ya gani, mai yiwuwa D. A gaya masa a fili cewa tikitin nan ba ya ɗauke da sifiri ko O, a nuna masa gurbin da alamar take, ya sake duba takardarsa.